Kai, Ke ko Ku: Inda Manhajar Fassara Ke Tuntuɓe

Tun 2013 Google Translate ya fara fassara Hausa, kuma da yawanku kuna amfani da shi wajen aikin gida. Yau za mu duba kalma ɗaya da ke yawan kayar da irin waɗannan manhajoji, wato "you".

Mu ce ɗaliba ce a Dandamisa take son aika wa shugabar makarantarsu saƙon godiya. Ta rubuta "You helped us, thank you for your advice", ta ce a mayar mata Hausa. Jimlar tana da fassara uku: ka taimake mu, kin taimake mu, ko kun taimake mu. Turancin bai nuna ko namiji ne, ko mace, ko jama'a ba. Manhajar kuma ba ta san shugabar ba, sai ta ɗauko abin da ta fi cin karo da shi a rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Sau da yawa "ka" ko "kun" ne ke fitowa. Wani lokaci ma takan gauraya, ta ce "kin taimake mu, mun gode da shawararka".

Sai batun ladabi. Bahaushe yakan ce wa dagaci ko mahaifinsa "kun tashi lafiya?" alhali mutum ɗaya ne, yakan kuma ce "Malam sun iso". Idan aka juya wannan zuwa Turanci, ana iya samun "they", mai karatu ya zaci ayari ne ya zo. Idan kuma daga Turanci aka taho, "ka" na iya fitowa a wasiƙar da za a kai wa hakimi, a ga kamar rashin tarbiyya ne.

Jam'i ma haka yake. "I bought the sheep" na iya zama na sayi tunkiyar, ko ragon, ko tumakin. A kasuwar Makarfi kuwa kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Wasu ɗalibai kan mayar da fassarar zuwa Turanci don su gwada ingancinta. Wannan dabara ba ta kama irin wannan kuskure, domin ka, kin da kun duk "you" za su koma, sai a ga kamar komai daidai ne.

Abin yi shi ne, kafin ku fassara, ku tsayar da wanda ake yi wa magana: namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa, babba ne ko tsara. Sannan ku bi Hausar layi-layi, kuna ja wa kowane wakilin suna layi. In mace ce, kin, miki da shawararki su tafi tare. In girmamawa ce, kun, muku da shawararku, har ƙarshen wasiƙar.

Sai mako mai zuwa.