Ka ba edita aiki, kada ka ba shi mabuɗin gidanka

Jama'ar ADSU da na Foli, musamman masu tashar YouTube, ku zo mu yi wata magana.

Bara da aikin binciken mastas ya sha mini kai, na ɗauki wani ƙanena na aji uku ya riƙa tace mini bidiyo, yana haɗa hoton bango. Muka yi ciniki da baki: “dubu huɗu duk bidiyo.” Don sauƙi na miƙa masa kalmar sirrin Gmail ɗina.

Wata biyu muka saɓa. Ni a wurina dubu huɗun har da hoton bango da gyare-gyare, shi kuma tacewa kawai ya fahimta. Ya ce yana bi na dubu goma sha biyu, ya canza kalmar sirrin har sai na biya. Babi uku na aikina suna cikin Drive na wannan adireshin, ga sufabaiza yana jira. Wallahi ban rintsa ba.

Na biya, ya mayar. Amma gaskiya laifina ya fi nasa.

Edita ba ya buƙatar kalmar sirrinka. A kwamfuta ka shiga YouTube Studio, ka danna Settings, sannan Permissions, ka gayyace shi da nasa imel. Ka zaɓa masa Editor (limited): zai ɗora bidiyo ya gyara, amma ba zai ga kuɗin da tasha ke samu ba, ba zai goge tashar ba. Ranar da kuka rabu ka cire shi, shi ke nan. Mai hoton bango kuwa ko wannan ba ya buƙata, ya turo maka hoton kawai. Ka kuma kunna 2-Step Verification da layinka.

Yanzu kafin a taɓa aiki ina tura saƙo ɗaya a WhatsApp: bidiyon minti 25 ne, a mayar da shi 10, hoton bango 1280 a 720, kalmomi kada su wuce huɗu don a iya karantawa a waya, a kawo ranar Alhamis, tacewa dubu huɗu, hoto dubu ɗaya da ɗari biyar, datar turowa a kaina, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa, rabi yanzu, rabi bayan na karɓa. Sai ya rubuto “na yarda.”

Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. To, mu da muka yarda da juna da baki, yau gaisuwarmu da ƙyar. Ko a kasuwar shanun Mubi ba a kulle ciniki sai da shaida. Rubutun nan shi ma editan yake karewa, don mu masu tasha mun iya cewa “ɗan ƙara gyara nan” sau bakwai a kan kuɗi ɗaya.

In akwai mai riƙe da kalmar sirrinka yanzu haka, ka canza ta yau, ka duba lambar waya da imel ɗin da ake dawo da adireshi da su, ka tabbata naka ne. Allah Ya sa mu kammala lafiya.