Ba kowane katin awo ne ya dace da yaro mai lalurar Dawun ba

Idan kina da ɗa mai lalurar Dawun, wato wanda aka haifa da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, da wuya a ce ba a taɓa nuna miki ɗigonsa can ƙasan katin awo ba. Ra'ayina shi ne kada ki yanke hukunci da wannan ɗigo shi kaɗai, domin ba da yara irinsa aka zana layukan katin ba.

Yawancin katunan da ake amfani da su a asibitocinmu sun dogara ne kan ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, bayan an auna lafiyayyun yara a ƙasashe shida, ciki har da Ghana. Ma'auni ne mai kyau. Sai dai yara masu lalurar Dawun suna da tasu hanyar girma: tsawonsu na ƙaruwa a hankali, kansu ya fi ƙanƙanta, kuma a jarirantaka nauyinsu kan yi jinkiri saboda laushin tsoka na rage musu ƙarfin tsotso. Shi ya sa aka zana musu jadawali na musamman. An fitar da ɗaya a Amurka a 1988, wani a Birtaniya da Ayalan a 2002, sannan sabon na Amurka a 2015.

A ɗauki misalin yaro namiji ɗan shekara biyu, tsawonsa santimita 81, nauyinsa kilo 11. A katin gama-gari, matsakaicin tsawo a wannan shekara ya kai santimita 87, saboda haka ɗigonsa zai faɗi daidai kan iyakar da ake cewa yaro ya tsumbure. A jadawalin Dawun kuwa yana kusa da tsakiya, kuma kilo 11 ya dace da tsawonsa. Amma uwar da aka ce wa ɗanta ya tsumbure takan wuce kemis ta sayo sirof na buɗe ciki, wata ma a ba ta deksametazon da sunan maganin ƙiba. Sirof ɗin yakan sa barci ga yaron da dama jikinsa sanyi gare shi. Deksametazon kuwa yana kumbura fuska, yana raunana garkuwar jiki, kuma idan aka daɗe ana sha yana daƙile tsawon da ake nema. Babu ɗayansu da zai ƙara masa santimita guda.

Kuskure na biyu ya fi tayar mini da hankali. Da yake kullum yaron yana ƙasan kati, sai ido ya saba, a riƙa cewa ai haka suke. A cikin wannan sabo ne ciwo na gaske yake ɓuya. Kusan rabin waɗannan yara ana haifarsu da matsalar zuciya. Jaririn da ke haki da gumi in yana shan nono, ya saki bai ƙoshi ba, nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, hoton zuciya yake buƙata da gaggawa. Haka nan raunin tayirod, ƙullin da ke gaban wuya, ya yawaita a cikinsu. Alamarsa a kan takarda ita ce tsawo ya tsaya alhali nauyi na hawa, tare da taurin bayan gida da yawan barci. A jadawalin Dawun ana saurin ganin haka, domin yaron yana da layin da yake bi, kuma da ya sauka daga kansa za a lura. Gwajin jini ne ke tabbatarwa, shi ya sa ake so a yi shi bayan haihuwa, da wata shida, da shekara ɗaya, sannan duk shekara. Maganinsa ƙwaya ce ƙarama, lebotairoksin, sau ɗaya a rana.

Jadawalin Dawun ma yana da iyakarsa, kada a ɗauke shi gaskiya tsantsa. Yana nuna yadda yaran da aka auna suka girma ne, a ƙasashen da cimarsu da yanayinsu suka bambanta da namu. Da yake ƙiba ta yi yawa a cikin manyansu, yaron da nauyinsa ya wuce kima zai iya fitowa daidai a kansa. Don haka wajen auna ƙiba, musamman idan yaro ya kusa balaga, a koma ga ma'aunin gama-gari na nauyi da tsawo.

Ki roƙi likitan yara ya sa ɗigon ɗanki a kan jadawalin biyu. Na 2015 yana shafin hukumar CDC ta Amurka kyauta, na maza daban, na mata daban, ana iya buga shi a maƙala a katin. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna tsawonsa, kuma ya fi kyau a riƙa amfani da sikeli ɗaya. In kin zo karɓar magani, ki faɗa mana nauyinsa na awon ƙarshe, domin da kilo muke lissafin maganin yara, kuma ɗan shekara huɗu mai lalurar Dawun zai iya samun fiye da kimarsa idan aka bi shekaru kawai.