Taurari Shida, Falo Ɗaya, Agogo Ɗaya

A shekarar 1996 shirin barkwancin nan na Amurka mai suna Friends ya fitar da wani kashi, na biyu a zango na uku, wanda kusan dukkansa a falo ɗaya ya gudana. Ross yana da liyafa a gidan tarihin da yake aiki, yana kuma so abokansa biyar su shirya a fita kafin lokaci ya ƙure. Iyakar labarin ke nan. Amma duk marubucin da ke shirin ɗora labari a kan taurari shida, ko littafi ne ko shiri mai dogon zango irin waɗanda Kannywood ta rungume a shekarun nan, zai fi ƙaruwa da wannan kashi ɗaya a kan doguwar takardar da aka saba cikewa da shekarun kowane tauraro da sana'arsa da abincin da ya fi so.

Dalili kuwa shi ne ba a tsara taurari shida ɗaya bayan ɗaya. Ana tsara su ne a jingine da juna, kowa gwargwadon cikas ɗin da zai zame wa ɗan'uwansa. Marubucin da ya zauna ya rubuta tarihin mutum shida daban-daban, sa'an nan ya tara su a ɗaki yana jiran labari ya tashi, yakan tarar da baƙi shida zaune kamar a ɗakin jiran likita, kowa da tarihinsa mai kyau, babu mai buƙatar kowa.

A wancan kashi buri ɗaya ne ke riƙe da agogo, wato na Ross, sauran kuwa an zaɓo su ne don su ci masa lokaci. Chandler ya tashi daga kujera na ɗan lokaci, Joey ya zauna a kanta, daga nan kowannensu ya ƙi tafiya ya sa kaya don kada ya bar wa ɗayan wurin. Monica ta tarar da saƙon muryar tsohon saurayinta Richard, ta kasa gane ko sabo ne ko tsoho, sai hankalinta ya koma kan waya. Rachel ta kasa tsayar da kayan da za ta sa. Phoebe ta zo a shirye tsaf, sai rigimar kujera ta fantsama mata abinci a riga.

Babu babban buri ko ɗaya a nan, amma kowanne ya cika sharaɗi biyu. Na farko, abu ne da ido ke gani: kujera, waya, riga. Burin da ba a iya nunawa, irin “yana son a girmama shi”, ba ya motsa fitowa sai an sauko da shi kan wani abu da za a iya ƙwacewa ko a hana. Na biyu, biyan bukatar kowa asara ce ga wani. Duk mintin da Monica ta yi a kan waya daga aljihun Ross ya fita, kuma nasarar Joey a kan kujera ita ce faɗuwar Chandler. Da Ross ya fusata ya daka wa Rachel tsawa a gaban kowa, sai burinta ya sauya daga neman riga zuwa neman a ba ta haƙuri yadda ya dace, ta sa kayan zaman gida ta ce ba za ta ba. Ba ta sauko ba sai da Ross ya ɗauki kofin kitsen da ke ajiye a firji zai sha don ya nuna mata da gaske yake. Wasan kujera da ya fara da raha ya kai ga tambayar ko mutumin nan ya fi damuwa da liyafarsa ne ko da ita.

Akwai lissafin da ke tilasta irin wannan tsari. Kashi ɗaya na shirin kimanin minti 22 ne. Idan aka raba shi shida, kowa bai kai minti huɗu ba, kuma minti huɗu ba ya isa a buɗe labari a rufe shi. Shi ya sa galibin kashe-kashen shirin ke ɗauke da zaren labari uku, a haɗa taurarin biyu-biyu ko uku-uku. Mutum shida kuwa suna ba da haɗin mutum biyu har iri 15. Wannan adadi ya fi shida amfani ga mai tsarawa. Ya zana jadawali mai gida 15, a kowane gida ya rubuta jimla ɗaya: me wannan ke nema a wurin wancan, me kuma ke hana shi samu? Gidan da ya kasa cikewa yana nuna masa mutum biyu da ba za su iya riƙe fitowa su kaɗai ba. Idan kuma gidaje biyar na mutum ɗaya duk sun koma kan dangantakarsa da tauraro guda, to wannan ɗan rakiya ne, ba tauraro ba.

Gidan da aka bari a rufe da gangan kuma dukiya ce ta gobe. Monica da Chandler sun shafe zango huɗu a matsayin abokai kawai, sai a ƙarshen zango na huɗu, a 1998, aka buɗe soyayyarsu a Landan. Wannan gida ɗaya ya ciyar da shirin har ƙarshensa, domin ya sauya sauran gidajen ma: Ross ya zama yayan budurwar amininsa, Joey ya zama mai riƙon sirri, daga baya kuma ya rasa abokin zamansa.

Batun murya nan ne aka fi yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce a liƙa wa kowa alama: wannan ya yi Sakkwatanci, wancan ya riƙa cusa Turanci, tsohuwa ta yi ta jero karin magana. Alama tana taimaka wa mai kallo ya gane mutum a fitowar farko, amma ba ita ce murya ba, domin Basakkwace biyu a ɗaki ɗaya ba sa zama mutum ɗaya. Murya ita ce dabarar da mutum ke bi da baki idan yana neman abu ko yana gudun abu. Taurarin Friends shida Turanci ɗaya suke yi, shekarunsu kusan ɗaya, a birni ɗaya, duk da haka ba a rikita su. Chandler yakan tsere cikin zolaya da zarar magana ta kusanci abin da ke damunsa. Ross yakan yi bayani da gyara, kamar gaskiya za ta ba shi nasara in ya faɗe ta dalla-dalla. Monica takan ba da umarni, ta mai da komai gasa. Joey yakan ɗauki magana a kan fuskarta. Phoebe takan faɗi abu mafi ban mamaki cikin natsuwar mai ba da labarin kasuwa. Rachel takan lallaba, in lallabar ta ƙi ta yi fushi. Kowace dabara daga tsoron mai ita ta fito, don haka muryar da aka tsara kafin a san abin da mutum ke tsoro ba ta wuce kwaikwayo.

Gwajin wannan ba shi da wuya. A ɗauki fitowa ɗaya da ta tara su duka, a rufe sunayen, a ba wani ya karanta. Duk layin da za a iya mayar wa mutum uku ba tare da an ji wani abu ya goce ba, layin marubuci ne da ke isar da saƙo, ba na tauraro ba. Hausa ma ta ba marubuci kayan aikin da ya fi karin harshe kaifi. Wa ke kiran babbar yaya da sunanta, wa ke cewa Yaya? Wa ke tsawaita gaisuwa don ya jinkirta abin da ya kawo shi, wa ke yanke ta? Wa ke cewa a'a kai tsaye, wa ke cewa “bari mu gani”? A nan hali ke fitowa.

Saura sauyin da kowa zai yi daga farkon labari zuwa ƙarshensa. Kuskure a nan shi ne a sa duka shida su juya a lokaci ɗaya, sai ƙarshen labari ya zama layin masu tuba. Sauyin wani yana buƙatar wani ya tsaya cik don a auna da shi. Rachel ta shigo kashin farko a 1994 da rigar amarci, ta gudo daga ɗaurin aurenta, ta yanke katunan kuɗin mahaifinta ta kama aikin raba kofi. Tafiyarta ta shekara goma ce, har ta kai ga samun aiki a Faris a 2004. Sauyin Chandler, wanda rabuwar iyayensa ta sa shi tsoron aure, bai kama gadan-gadan ba sai a rabi na biyu na shirin, ya auri Monica a 2001, aka rufe da shi yana uba. Lokacin da ɗaya ke juyawa, ɗayan yana riƙe da ƙasa.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce shirin barkwanci yana rayuwa ne a kan mutanen da ba sa sauyawa, kuma ba dole ne kowa ya sami tafiya ba. Akwai gaskiya a ciki, domin tauraron da ya ƙi sauyawa da saninsa, ya kuma biya farashin ƙin, shi ma ya yi tafiya. Amma Friends da kansa ya nuna abin da ke faruwa idan tsayuwar ta sakaci ce. Joey ya fara a matsayin ɗan wasa mai fafutuka, mai ƙarancin karatu amma mai wayon zaman duniya. Da zangunan suka yi nisa, babu inda aka nufa da shi, sai aka riƙa ƙara masa wauta don a sami dariya, aka kuma gwada haɗa shi soyayya da Rachel, abin da bai yi nisa ba aka warware. Tauraron da ba a tsara masa makoma ba, halinsa guda ɗaya ake ta hurawa har ya cinye sauran. Ko a kashin liyafar ana ganin ɗan wannan rauni, domin matsalar Phoebe ba daga burinta ta taso ba, ɓarnar rigimar wasu ce ta faɗa mata.

Saboda haka gwaji na ƙarshe, kafin a rubuta fitowa ko ɗaya, shi ne na cirewa. A zare mutum guda daga tsarin, a duba abin da ya rushe. In an cire Joey daga falon nan, babu rigimar kujera, rigar Phoebe ba ta ɓaci ba, Ross bai fusata da wuri ba. In kuwa an cire wani labarin ya ci gaba da tafiya lafiya, sai dai an rasa ɗan raha, to taurari biyar ake da su. A nan marubuci yana da zaɓi biyu: ya ba na shidan abin da zai hana wani samu, ko ya sallame shi tun labarin yana kan takarda, kafin a ɗauki ɗan wasa a fara biyansa.