Na'ura ba ta san hanyar Jugu ba

A tashar mota ta Paraku babu ɗan kamashon da ke cewa komai sai "Jugu! Jugu!" Amma a allon hanya Djougou aka rubuta, da ƙa'idar Faransanci, inda dj ke nufin j, ou kuma u. Ka ɗauki sanarwar Hausa mai ɗauke da wannan suna ka ba manhajar da ke mayar da rubutu murya, sai ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta fito da garin da babu shi a jihar Donga. Muryar Faransanci kuwa za ta kama sunan, ta yi wa Hausar kisan gilla.

Ra'ayina shi ne kada a ba na'ura rubutun da aka yi domin ido. A yi kwafi na biyu domin kunne.

Ga misali: "Motar Djougou za ta tashi daga Parakou 7h30, kuɗin kaya 500 F." A kwafin kunne sai ya koma: "Motar Jugu za ta tashi daga Paraku da ƙarfe bakwai da rabi. Kuɗin kaya, dala ɗari." Lura da dalar nan. A ƙasashen sefa dala ɗaya tamma biyar ce, don haka in muryar ta ce "ɗari biyar" kawai, tsohuwa a Zongo za ta iya jin 2,500, ta fasa tafiyar. Wannan ba aikin da injiniya zai yi maka ba ne.

Idan manhajar tana karɓar SSML, ƙa'idar da W3C ta fitar a 2004, ba sai ka taɓa rubutun suna ba:

```
<sub alias="Jugu">Djougou</sub>
<break time="500ms"/>
```

Layin farko yana sa a furta Jugu, na biyu ya saka shiru na rabin daƙiƙa. Ni rabin daƙiƙa nake sawa bayan jimla, daƙiƙa guda tsakanin sakin layi. Fiye da haka, mai sauraro a WhatsApp zai ɗauka data ce ta ƙare. Lambar waya ita ta fi bukatar numfashi: tun ƙarshen 2024 lambobin Benin goma ne, masu farawa da 01. Rubuta su da kalmomi, bibbiyu, da ɗan shiru tsakani, domin mai kwafa ya samu ya rubuta.

Muryar Hausa ta MMS da kamfanin Meta ya saki kyauta a 2023 ba ta jin SSML. Da ita sai ka ba da jimla ɗaya-ɗaya, ka jera su a Audacity, ka zuba shirun da hannunka. Kuma ka tabbatar ƙ, ɗ da ɓ suna nan da lanƙwasarsu, in ba haka ba ƙasa ta zama kasa.

Kafin ka tura, kunna wa wanda bai ga rubutun ba, ka ce ya faɗa maka gari, lokaci da kuɗi. Duk inda ya ce "me ta ce?", can za ka koma.