Mai gadi shi kaɗai, direba cikin dare: idan ya yi shiru, wa zai sani?

Jama'ar Arewa, masu saurarenmu da masu karanta wanga shafi, mu fara da tunawa da wani abin da ya faru a nan kusa da mu. A watan Yuni na 2024, 'yan bindiga sun kashe sojoji shida masu gadin bututun man fetur tsakanin ƙauyen Salkam da Tibiri. Bututun nan shi ne wanda ya taso daga Agadem ya nufi bakin teku a ƙasar Benin, tsawon kusan kilomita 2000, ya ratsa jihar Doso. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu, suna da makamai, suna da horo, kuma a ƙungiya suke tafiya. To ina ga dattijon da ke gadin mangazar hatsi a bayan gari da sanda da tocila? Ina ga direban kamyo da ya tashi daga Dogon Dutsi ƙarfe goma na dare?

Maganar tsaron iyaka ta hukuma ce. Abin da muke son dubawa yau ƙarami ne, amma yana hannunmu: idan wani abu ya sami mai aiki shi kaɗai cikin dare, awa nawa za a yi kafin wani ya sani?

Mu ɗauki misali mu yi lissafi. Mai gadi ya kama aiki ƙarfe bakwai na yamma, mai mangaza zai zo buɗe ƙofa ƙarfe bakwai na safe. Idan ya faɗi ƙarfe ɗaya na dare, awa shida zai yi kwance ba wanda ya sani. Kuma ba ɓarawo kaɗai ke kada mai gadi ba. Da damina, kububuwa na iya sararsa lokacin da yake kewaya bayan katanga, dafinta kuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini, maganinsa sai allurar dafi a likita. Da hunturu, zai shigar da gawayi mai ci cikin ɗan ɗakin gadi ya rufe ƙofa don sanyi, ko ya kwanta kusa da injin wuta. Iskar da gawayi da injin ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutum ya zaci gajiya ce ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, daga nan sai suma. A duk waɗannan, wanda aka gano da wuri yana da damar tsira, wanda ya kai safe sau da yawa an makara.

Dabarar da kamfanonin gadi ke amfani da ita a ƙasashe da dama ita ce a tsaida lokacin da ma'aikaci zai ba da alamar yana lafiya, a kuma tsaida abin da za a yi idan alamar ba ta zo ba. Su suna da na'urori da ɗakin sauraro. Mu nan muna da salula, kuma bipi kyauta ne.

Ga yadda lissafin ke canzawa. A ce mai gadinmu yana yin bipi kowace awa biyu: tara, sha ɗaya, ɗaya, uku, biyar. Ya faɗi jim kaɗan bayan bipin ƙarfe ɗaya. Ƙarfe uku ta yi, shiru. Idan an bi ƙa'ida, zuwa uku da rabi mutane sun iso, wato awa biyu da rabi maimakon shida. Idan kuwa daga sha biyun dare zuwa kiran sallar asuba bipin na kowace awa ne, jiran bai kai awa biyu ba.

Sai dai duk wanda ya taɓa gwada wannan ya san inda yake lalacewa. Wa zai karɓi bipin? Maigidan da ya ɗauki mai gadi yana barci, don ya yi barcin ne ma ya ɗauke shi. Bipin da ya shiga wayar mai barci ba shi da amfani. Shi ya sa muke ganin abin da ya fi dacewa da garuruwanmu shi ne masu gadi su riƙe juna. Mai gadin gidan mai da mai gadin farmasi da mai gadin mangaza duka idonsu biyu a lokaci guda. Na farko ya yi wa na biyu bipi, na biyu ya yi wa na uku, na uku ya mayar wa na farko. Kowannensu ya riƙe lambar maigidan ɗan'uwansa da lambar maƙwabcin da ya fi kusa da wurin.

Abu na biyu, a yanke tun da rana abin da za a yi idan an ji shiru, kada a bar shi sai dare ya raba ana shawara. Minti goma sun wuce ba bipi, a kira shi. Bai ɗauka ba, a sake kira, in yana da layi na biyu a gwada shi. Minti ashirin, a tada maigidansa da maƙwabci. Minti talatin, mutum biyu su tafi da fitila. Mutum biyu muka ce, ba ɗaya ba, kuma ba mai gadin da zai bar nasa wurin a buɗe ba. Idan an hangi ƙofa a ɓalle ko an ji harbi, ba a shiga; a ja baya a kira 'yan sanda a lamba 17 ko jandarmomin da ke kusa. Idan mutum aka tarar a some cikin ɗaki mai gawayi, a buɗe ƙofa a fito da shi waje ga iska tukuna, sannan a nemi 'yan kwana-kwana a lamba 18 ko a wuce da shi likita. A Geceme, Dumega ko Matankari, lambar shugaban likitar garin da ta maigari su ne za su fi saurin amfani, a sa su cikin waya tun yau.

Za a yi ta samun ƙararrawar banza, wannan mu faɗa wa juna gaskiya. Sau tara cikin goma ƙila batir ne ya mutu, ko rezo ya ɗauke, ko barci ya sace shi. A nan ne mutane ke sakaci, su ce ai Malam barci ya yi kamar jiya. Ranar da aka fara faɗin haka, tsarin ya mutu. Kuma idan maigida zai zaftare albashin mai gadi duk ranar da aka tarar ya gyangyaɗa, to abokansa za su rufa masa asiri su ƙi kira, ranar da abin gaske ya zo su ma su yi shiru.

Bipi yana da wani rauni kuma: duk wanda wayar ke hannunsa zai iya yin sa. Don haka sau ɗaya ko biyu cikin dare a yi magana baki da baki. A kuma shirya kalmar sirri wadda ba za ta ja hankalin mai tsaye kansa ba. Misali, idan ya ce a gaida masa da wani ɗan'uwa da kowa ya san ba shi da shi, ma'anarta akwai mutane a kaina. Wanda ya ji ba ya tambaya, sai ya ce to madalla, ya kashe waya ya kira hukuma.

Direba kuwa nasa hatsarin ya fi yawa daga jikinsa. Ya tashi sallar asuba ƙarfe biyar, ya wuni wurin lodi, ya ɗau hanya ƙarfe goma na dare: awa 17 ke nan bai runtsa ba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun ragu kamar na wanda ya sha barasa har ta kai mizanin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Ido ya rufe na daƙiƙa huɗu, ta yi mita 100 ba mai tuƙi, a kan hanyar da ake cin karo da amalanke marar fitila da shanu da kamyon da ya lalace aka jera masa ganye. Alamun a bayyane suke: hamma a jere, kai na saukowa, mota na cin gefen kwalta, ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba. Shayi da goro suna ɗan jinkirta barci, tramol kuwa ƙara rikita hankali yake yi. Maganin shi ne a tsaya cikin gari, inda akwai mutane da haske, a yi barcin minti ashirin.

Shi direba ba da agogo kaɗai zai ba da alama ba, da sunan gari zai yi. Kafin ya tashi daga Dogon Dutsi zuwa Doso, kimanin kilomita 140 a kan babbar hanya ta ɗaya, ya shaida wa mutum guda lambar motarsa, abin da ya ɗauko da wanda ke tare da shi. Kamyo mai kaya da ke tafiyar kilomita 60 a awa zai yi kusan awa biyu da rabi. Ya ce zan kira daga Kore Mairuwa kafin sha ɗaya, zan kira daga Doso wajen sha biyu da rabi. Idan na Kore Mairuwa ya zo na Doso bai zo ba, an san yankin da za a nema, a kira direban da ke biye da shi ya sa ido. Kiran nan yaron mota ne zai yi, ko a yi shi mota na tsaye. A kuma kiyaye: wanga bayani na mutum ɗaya ne ko biyu amintattu. Wanda ya baza lokacin tashinsa da kayansa a fada ko a tasha ya ba masu tare hanya abin da suke nema.

Saura nauyin masu ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki kula da lafiyar ma'aikacinsa a wurin aiki, kuma raunin da aka samu a bakin aiki ana sanar da asusun CNSS, wanda ke biyan magani da diyya ga wanda aka yi wa rajista. Mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 tun farkon 2024. Mai gadin da ke ɗaukar wannan, ko ƙasa da shi, bai kamata a ce shi zai sayi kiredi da tocila da cajin waya daga aljihunsa ba. Wannan kayan aiki ne, kamar kwaɗon ƙofa.

Bipi ba ya tare harsashi, ba ya hana maciji sara. Abin da yake yi shi ne rage awowin da mutum zai yi kwance shi kaɗai. Muna kira ga shugabannin tasha da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Dogon Dutsi da Tibiri su zauna da masu gadinsu da direbobinsu a rubuta lambobi da lokuta a takarda ɗaya, a manna ta a ɗakin gadi, a gwada sau ɗaya da rana a ga ko wayoyin na shiga. Masu gadi da direbobin da suka riga suka gwada irin wanga tsari, layinmu a buɗe yake, ku shaida muna inda ya yi aiki da inda ya ba ku wahala. Allah ya tsare mu, ya kai kowa gida lafiya.