"Ai Kaɗan Ne, Ruwa Zai Tafi Da Shi": Wannan Magana Ba Gaskiya Ba Ce

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa yi wa mai zuba Gamalin a rafi faɗa, ko mai wanke tankin feshi a bakin kogi, ya san amsar da ake bayarwa: ai kaɗan ne, ruwa zai tafi da shi. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi ya ƙaryata ta. Akwai magungunan ƙwari da ruwa ba ya tafiya da su. Suna barin ruwan su shige jikin abu mai rai, kuma duk lokacin da wani ya ci wani sai su ninka.

An ga haka ƙarara a tafkin Clear Lake da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro, waɗanda ko cizo ba sa yi, sun addabi mazauna bakin tafkin. A 1949 aka zuba wa ruwan maganin DDD, ɗan uwan DDT, aka sake a 1954 da 1957. Ba da ka aka zuba ba, an auna. A zubi na biyu da na uku, kowace litar ruwa ta samu miligiram 0.02 kacal. Tankar mai lita 33,000 cike da wannan ruwa za ta ƙunshi miligiram 660, ko giram ɗaya bai cika ba. Idan akwai abin da ya cancanci a kira shi kaɗan, to wannan ne.

Amma a ƙarshen 1954 sai aka fara tsintar gawarwakin wani tsuntsun ruwa da ke nutso ya kamo kifi, wajen guda ɗari. Bayan zubin 1957 aka sake samun mace-macen, sai aka auna kitsen tsuntsayen, aka auna kifi, aka auna ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani sosai kuma su ne abincin ƙananan kifaye. Hanyar gane yawan ninkin mai sauƙi ce: ka raba abin da aka samu a kilo ɗaya na jiki da abin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa.

Ƙananan halittun nan suna ɗauke da kimanin miligiram 5 a kilo. Raba 5 da 0.02, ka samu 250. Tun a matakin farko ke nan gubar ta ninka ta ruwa sau 250. Kifayen da ke cin su an same su da miligiram 40 zuwa 300, wato ninki 2,000 zuwa 15,000. A kitsen tsuntsayen an samu har miligiram 1,600, ninki 80,000. A kitsen wani kifin kuwa har 2,500, ninki 125,000. Waɗannan manyan alƙaluma biyu na kitse ne, tsokar jiki ba ta kai haka ba, amma kitsen ma ai ci ake yi. Tafkin da a da ma'auratan wannan tsuntsu kusan 1,000 ke sheƙa a cikinsa, zuwa 1960 saura kamar 30.

Me ya sa haka? Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, irin wannan magani ba ya narkewa sosai a ruwa, a mai yake narkewa, don haka da ya shiga jiki sai ya maƙale a kitse, fitsari ba ya fitar da shi kamar yadda yake fitar da gishiri. Na biyu, ba ya saurin ruɓewa, yana iya shekaru. To ga shi kafin kifi ya ƙara kilo ɗaya, a ƙiyasi sai ya ci abinci kusan kilo goma. Abincin yana ƙonewa ya zama ƙarfi da kashi, maganin yana zama. Kilo 10 na abinci mai miligiram 5 sun tara miligiram 50 a kilo ɗaya na ƙaramin kifi. Babban kifin da ya ci kilo 10 na waɗannan ya tara 500. Ba kowane ɗigo ne ke zama ba, jiki yana fitar da wani abu, amma 50 ɗin nan ta faɗa cikin 40 zuwa 300 da aka auna a tafkin. Kuma daga baya da aka auna ruwan ba a ga maganin ba, alhali yana nan a jikin halittun. Ruwan ya yi tsabta ne don kifi ya kwashe.

Wani zai ce wannan labarin Amurka ne. Kitsen tarwaɗa da na giwan ruwa bai san iyakar ƙasa ba. Sinadarin da ke cikin Gamalin 20, wato lindan, dangin DDT ne. Ninkinsa bai kai na DDT ba, amma shi ma yana son kitse kuma yana daɗewa, shi ya sa a 2009 aka saka shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta hana, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar. Mai zuba shi a rafi yana kwashe kifin da ya taso sama a ranar. Wanda bai mutu ba yana ci gaba da yawo da rabonsa, babban kifi ya cinye shi, a kama babban a banda shi, a ɗauro shi cikin kwali zuwa kasuwannin da muke saye da sayarwa a nan Kudu. Wanki ba ya taɓa abin da ke cikin kitse, hayaƙin banda da tafasar miya ma ba abin dogaro ba ne.

Sai hujja ta biyu: mun daɗe muna ci, ba mu mutu ba. Tsuntsayen ma shekara biyar suka yi kafin a fara tsintar gawarsu. Wannan guba ba ta kayar da mutum a kan tabarmar cin abinci, taruwa take yi. A wannan jeri kuwa akwai mataki a saman babban mutum: nonon uwa yana da kitse, kuma abin da uwa ta tara tsawon shekaru yana bi ta nan zuwa jariri. Maganar ba a daina shayarwa ba ce, nono ya fi komai amfani ga yaro. Maganar ita ce a daina cika jikin uwar da guba.

Kada kuma a yi kuɗin goro. Ba kowane maganin ƙwari ne ke ninka haka ba. Fiya-fiyar da wasu ke zuba wa wake tana rushewa cikin ɗan lokaci, ba ta hawa daga kifi zuwa tsuntsu. Haɗarinta na nan take ne: amai, dalalar miyau, sarƙewar numfashi, wani lokaci mutuwa. Ita ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Ɗaya tana kisa yau, ɗaya tana ajiye bashi, kuma babu wadda ke da gurbi a kan abinci.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi: ƙwari na cinye jari. Gaskiya ne, amma wake yana da buhun PICS mai ninki uku wanda ke kashe ƙwaro da rashin iska, kifi kuma idan ya bushe sosai aka ɗaga shi daga ƙasa aka sake masa hayaƙi a kan kari, ɓarnar tana raguwa.

Don haka dillalanmu na kifi su riƙa tambayar inda kaya ya fito da yadda aka kama shi, su mayar da duk kwalin da ke warin magani, domin masunci ba zai daina ba muddin ana saye. Manomanmu na lambu su daina wanke tankin feshi a rafi, su guji duk maganin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna ko lambar NAFDAC. Wanda kuma ya sake ce muku kaɗan ne, ku ba shi 1,600 ya raba da 0.02.

Sakataren Ƙungiya