Ɗakin Da Ake Kulle Mai Jego



Akwai wata kalma da muke ji da ita, muna kuma da gaskiyar ji da ita, wato rufin asiri. Da ita kakanninmu suka zauna a baƙuwar ƙasa, suka yi fataucin goro, suka aurar da 'ya'yansu ba tare da wani ya ji cikinsu ba. Amma yau ina tuhumar wasunmu da ɗora wa wannan kalma kayan da ba nata ba. Idan mace ta haihu, hankalinta ya gushe, sai a tura ta ɗakin baya, a karɓe wayarta, a ce wa masu barka tana barci, sannan a kira wannan rufin asiri. Ni dai ban ga asirin da aka rufa ba, face an rufe wa majinyaciya hanyar magani don sunan gida ya tsira.

Bari mu fara bambance abubuwa uku da muke cakuɗawa. Yawancin masu jego sukan shiga 'yar damuwa da saurin kuka wajen kwana na uku zuwa na biyar, kuma wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Akwai kuma baƙin ciki mai nauyi da yake daɗewa makonni ko watanni, yana samun kimanin mace ɗaya cikin goma, shi ma yana son likita. Na uku shi ne abin da nake magana a kansa, gushewar hankali bayan haihuwa, wanda yake samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Yakan zo da sauri, galibi cikin mako biyun farko, wato daidai lokacin da gida yake cike da 'yan suna. Farkon alamarsa rashin barci ne, ko da jariri ya yi barci kuma an ba ta sarari. Daga nan sai yawan magana ba tsayawa, ko shiru mai ban tsoro, sai ruɗewa, sai jin muryoyin da ba wanda yake ji, sai zargin cewa an musanya mata ɗa ko ana son kashe shi. Takan dawo daidai da safe ta rikice da yamma, abin da yake sa mutane su ce ai iska ce take hawa tana sauka.

Wata al'adarmu ma tana taimaka wa ciwon ya ɓuya. Mun saba yaba wa mai haihuwar fari idan ta kau da kai daga ɗanta, mu ce tana da kunya. To, mai kunya tana kau da kai a gaban surukai, amma idan ɗaki ya zama nata sai ta rungume abinta ta shayar da shi. Wadda ta ƙi taɓa shi ko da ba kowa, ko take kallonsa a firgice, wannan ba alkunya take yi ba, kuma tsohuwar da take yi mata wankan jego ita ce ta farko da za ta iya gane bambancin.

A zauren da nake riƙe wa alƙalami an taɓa kawo irin wannan magana, zan faɗe ta ba suna ba unguwa. Yarinya ce 'yar shekara 22, haihuwar fari, an kai ta wankan gida. Daga kwana na biyar ta daina barci. Ranar suna ta yi ta surutu da dariya, aka ce murna ce. Kwana na tara ta ce wannan ba ɗanta ba ne, ta zagi uwar mijinta a gaban mutane. Aka kulle ta, aka yi ta turare da ruƙiyya har mako uku. Dangin miji suka ce an ɓoye musu cuta aka ba su, uwarta ta ce sammu ne, mahaifinta kuwa bai ce komai ba, domin ƙannenta mata biyu suna gida, ɗaya ma an kawo kuɗin gaisuwarta.

Wanta, wanda ya yi karatun zamani, ya gane ciwon tun makon farko, kuma ya yi gaskiya. Sai dai ya faɗa wa mahaifinsu a ƙofar gida bayan sallar la'asar, abokan tsohon suna zaune, ya ce wannan jahilci ne, babu wani aljani, a kai ta asibitin mahaukata. A numfashi ɗaya ya kunyata uban a gaban tsaransa, ya ƙaryata abin da ya yi imani da shi, ya kuma kira 'yarsa da sunan da yake gudu. Tsohon ya ce muddin yana raye ba za ta je ba. Kwana goma sha biyu na kullen nan, a ganina, rabinsu a wuyan wannan saurayi suke. Matasanmu masu ilimi su ji wannan da kyau, domin da yawansu sun fi son a ce sun yi gaskiya a kan a ce mara lafiya ta warke.

Wadda ta warware ƙullin goggon yarinyar ce, yayar uban, mace da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta same shi shi kaɗai bayan isha'i. Ba ta ambaci hauka ba, ba ta kuma yi musun aljanu ba. Ta ce: “Malam, yarinyar nan kwananta nawa ba ta runtsa ba? Ko kai aka hana barci haka, me za ka zama? Jiya na shiga na tarar ta tsaya a kan yaron tana kallonsa, jikina bai ba ni ba. Idan wani abu ya same shi, ai 'yan sanda ne za su shigo gidan nan da rana tsaka, sannan wane asiri ya rage? Ka yi mana izini mu kai ta a duba jego, da asuba, ni da mijinta. Kai kuma ka ci gaba da yi mata addu'a, ka tofa mata kafin mu fita.” Ya yi shiru, sannan ya ce a nemo mota.

Ku duba abin da ta yi. Ta kawo masa abin da ido ya gani, kwanakin rashin barci da tsayuwa a kan jariri, waɗanda ba ya iya musu. Ta gane cewa tsoronsa na tonon asiri ne, sai ta nuna masa cewa kullen ya fi asibiti kusa da tonon. Ta nemi izininsa maimakon ta sanar da shi hukunci, ta kuma bar masa aikinsa na uba da malami. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ta kuma ce a duba jego, wanda gaskiya ne, domin zazzaɓin da ƙwayar cuta take kawowa bayan haihuwa da hawan jini su ma suna rikita mai jego, kuma likita zai fara da binciken su.

Ga dattawanmu kuwa, da ladabi nake cewa hujjojinku uku ba su tsaya ba, ko a ma'aunin littattafan da kuka karantar da mu. Kun ce ta zagi manya. Hadisi sananne ya sanya wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami har ya dawo hayyacinsa. Wanda Ubangiji bai rubuta wa laifi ba, wace suruka ce za ta riƙe shi a zuci? Kun ce an yaudari miji. Gaskiya ne Risala ta lissafa hauka cikin aibobin da ake mayar da aure saboda su, amma malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya riga ɗaurin aure ake nufi, abin da ya auku ga mace bayan ɗauri kuwa jarrabawa ce da ta sauka a kan mijin. Wannan ciwo wajen haifa masa ɗa ta same shi. Kun ce asibiti rashin tawakkali ne, alhali asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma Musulmi ne suka gina shi suka yi masa waƙafi. Ban hana ruƙiyya ba, ni ma ina yi. Abin da na ƙi shi ne ruƙiyyar da take zuwa da bulala da mari, da wadda take cewa a jira ta gama kafin a ga likita. A ƙasar nan ta Gana an yi dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, hukumar da dokar ta kafa kuma ta haramta ɗaure majinyata da sarƙa a 2017.

Tsoro ɗaya ne na yarda yana da tushe, wato na gado. Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan ciwo ta fi sauran mata haɗarin samunsa. Amma mafi yawan irin waɗannan 'yan'uwa suna haihuwa lafiya, kuma wannan dalili ne na a faɗa wa ungozomar asibiti idan ƙanwar ta sami ciki, don a sa mata ido. Uban da ya ɓoye don ya kare ƙannen ya tura su ɗakin haihuwa ba wanda ya san abin da zai lura da shi.

Ba lalle ne a nufi Pantan ko Ankaful ko tsohon asibitin Akara ba, waɗanda sunansu kaɗai yake firgita tsofaffi. A koma inda ta haihu ko asibitin gunduma, akasari akwai nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, su za su tura gaba idan da bukata. Lallashin dattijo kuma yana da iyaka. Idan ta ambaci kashe kanta ko jaririn, ko ta daina ci da sha, ko zazzaɓi ko jijjiga suka shigo, a ɗauke ta a ranar, a ba Malam haƙuri daga baya. Kafin a tafi kada a bar ta ita kaɗai da yaron ko na ɗan lokaci, kada kuma a raba su gaba ɗaya in ba dole, a riƙa kawo mata shi wani yana zaune.

Yarinyar da na ba ku labari ta fara barci cikin kwanakin farko na shan magani, ruɗewar ta lafa cikin makonni, amma ta kusa shekara kafin ta koma yadda aka san ta, kuma haka abin yakan ɗauka. A nan ne gidaje da yawa suke sake faɗuwa. Maganin yakan kawo yawan barci da ƙiba, wani kuma sandarewar jiki ko rawar hannu, sai tsofaffi su ce ga shi nan asibiti ya mayar da ita doluwa, a zubar da ƙwayoyin. Wanda ya ga haka ya koma wurin likita a rage ko a sauya, domin yankewa farat ɗaya yakan dawo da ciwon. Batun shayarwa ma a tambaye shi, akwai magungunan da ake sha ana ba da nono. Haɗarin dawowar ciwon a haihuwa ta gaba babba ne, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, saboda haka da cikinta na biyu goggon ce ta raka ta awon farko ta faɗa wa ungozoma komai, aka shirya wanda zai riƙa karɓar jariri da dare, aka kuma taƙaita taron suna zuwa safiya kawai.